Gargaɗi ga masu neman waya: a kula da bidiyon "gaskiya tsirara" mai lambar WhatsApp a ƙasa

Assalamu alaikum 'yan uwa na Agege, Mile 12, Idi-Araba da sauran unguwannin Legas. Akwai wani mai damfara da ke kama mutanenmu a YouTube, kuma tarkonsa yana cikin rubutun da ke jikin bidiyo: take, bayanin ƙasa da kalmomin nema. Duk wanda ya ɗora bidiyo shi ke rubuta waɗannan da hannunsa, babu wanda ke tantance masa ko gaskiya ya faɗa.

Ga yadda yake yi. Ya san mai shirin sayen waya yakan rubuta sunayen wayoyi biyu don ya gwada su, misali "Galaxy A15 vs Redmi Note 13". Sai ya saka wannan a takensa, ya cika ƙasan bayanin da sunayen Tecno, Infinix da wasu wayoyin da ko sau ɗaya ba su fito a bidiyon ba, don duk ta inda ka nema ka faɗo kansa. Bidiyon kansa na sata ne: hannun da ke riƙe da wayar daban, muryar da aka ɗora daban. A layin farko kuma lambar WhatsApp, da farashin da bai wuce rabin na kasuwa ba.

Wani ƙanenmu da ke sauke tumatir a Mile 12 ya faɗa hannunsa. Da ya kawo mini bidiyon na ce, "Ƙanina, me ya sa ka yarda da shi?" Ya ce, "Yaya, ai har aibin wayar ya faɗa." Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, domin da kamannin gaskiya aka cuce shi. Aibin da mutumin ya lissafa guda biyu ne: wai kalolin wayar ba su da yawa, wai kuma tana saurin ƙarewa a kasuwa. Babu aibi a nan, talla ce aka sa wa riga. Wanda ya riƙe Galaxy A15 da gaske zai gaya maka abin da zai iya hana ka saye: babu kan caja a kwalinta, cajinta wat 25 ne alhali na Redmi Note 13 wat 33 ne, kuma ba a ba ta shaidar jure ruwa ba.

Sai alƙaluman da ya jera. Ya rubuta kyamara megafiksel 108, batir 6000mAh, RAM 16GB, kuma wai 5G ce. Samsung ta fitar da A15 a Disamba 2023 da babbar kyamara megafiksel 50 da batir 5000mAh, RAM ɗinta kuma bai wuce 8GB ba. Waccan 108 ɗin ta Redmi Note 13 ce, ya ɗauko ya liƙa wa Samsung. Batun 5G kuwa lambar samfuri ke raba gardama: mai 4G tana farawa da SM-A155, mai 5G da SM-A156. Mutumin bai rubuta lambar samfuri ko'ina ba, kuma da gangan ne. Game da RAM, idan ka ga an rubuta 8+8, takwas ɗin farko ne na gaske, na biyun aro ne daga ma'ajiyar waya, ba ya kai na ainihi sauri.

Yaron ya tura rabin kuɗin zuwa asusun da sunansa bai yi daidai da sunan tashar ba, ɗan aike ya kawo kwalin a kan babur ya karɓi cikon. Da muka kai wa wani mai gyara a Computer Village da ke Ikeja, ya danna `*#06#`, lambar IMEI mai alƙaluma 15 da ta fito ba ita ce a jikin kwalin ba. Ya danna `*#0*#`, wanda ke buɗe shafin gwaji a wayoyin Samsung, babu abin da ya buɗe. Waya tana nuna 256GB, amma da aka fara tura mata bidiyo ba a je ko'ina ba ta cika. Kafin yamma mai damfarar ya toshe lambar yaron.

Don Allah kafin ku tura ko kwabo, ku buɗe shafin kamfanin wayar ku gwada alƙaluman ɗaya bayan ɗaya. Ku duba ko an rufe wurin sharhi a ƙarƙashin bidiyon, domin na wannan mutumin a rufe yake. Idan mai sayarwa ya ce yana da shago a Ikeja, ku ce ya faɗi titi da lambar shago, ku je da wanda ya san waya, a buɗe kwalin a gabanku, a danna lambobin nan biyu, sannan a biya. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi ya hanzarta zuwa bankinsa da shaidar turawar da hoton hirarsu, ya kuma kai ƙarar bidiyon ta maɓallin Report, don har yanzu yana nan ana kallonsa.