Makin 60 ko makin 90: wace kalma za a duba da ido?

Tambaya: "Ina mayar da tsoffin shafukan jaridar Hausa rubutun kwamfuta da Tesseract. Wani ya ce in duba kalmomin da makinsu bai kai 60 ba, wani ya ce 90. Wanne zan bi?"

Malam, kowanne da inda yake da amfani, kuma akwai kuskuren da yake tsallake su duka biyun.

Fara fitar da makin. Tesseract yana ba kowace kalma maki daga 0 zuwa 100 a ginshiƙin `conf`, layukan da ke da -1 kuwa ba kalmomi ba ne.

```
tesseract shafi.png shafi -l eng tsv
awk -F'\t' 'NR>1 && $11>=0 && $11<60' shafi.tsv
```

Idan ka tsaya a 60, aikin zai yi sauƙi. Abin da zai faɗo hannunka shi ne inda tawada ta zube, ko wurin ninkin takarda, ko inda rubutun bayan shafi ya leƙo. Wannan ya wadatar idan burinka kawai a riƙa binciko kalma cikin jaridar.

A 90 kuwa za ka kama ƙananan kurakurai, kamar "rn" da aka karanta "m", ko 3 da ta koma 8 cikin shekara. Sai dai a tsohuwar takarda kalmomi masu yawa da suke daidai ma ba sa kai 90, sai mai dubawa ya gaji ya fara wucewa ba karatu. Ni a ganina wannan ya dace da wanda zai sake buga rubutun ne.

Ga abin da ya fi damuna. Makin yana nuna yadda injin ya gamsu da zaɓinsa cikin haruffan da ya sani, ba hujja ba ce cewa ya yi daidai. Fayil ɗin `eng` na Turanci ne, bai san ƙ, ɗ da ɓ ba. Idan ya ga "baƙi" a bugu mai tsabta, yana iya rubuta "baki" ya ba ta maki mai tsoka, haka "ɓata" ta zama "bata". Duka kalmomin Hausa ne, saboda haka gwada su da ƙamus ma ba zai tona asirinsu ba. Dole ka ware jerin irin waɗannan tagwaye, a duba su ko nawa ne makinsu. Haka ma lambobi da sunayen mutane.

Iyakar kuwa, daga takardunka za ka samo ta. Ɗauki shafuka uku zuwa biyar, mai kyau da mai datti, ka gyara su kaf da hannu, sannan ka kasa kalmomin bisa maki. A ce tsakanin 70 da 80 ka tarar da kuskure 12 cikin kalmomi 60, tsakanin 80 da 90 kuma 2 cikin 150, to 80 ce iyakarka. Idan ka canza na'urar ɗaukar hoto ko shekarar bugu, ka sake gwajin.