Sharhi kan shaf 200 da na mayar wa mai kawo mana kaya

Ni injiniya ne a masana'antar da ke haɗa famfunan ruwa, kuma shekara biyu ke nan kamfani ɗaya ke kawo mana shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin famfo. Ba su taɓa saɓa ranar alkawari ba, wannan na yaba musu. Amma kayan da suka kawo a watan jiya ban karɓa ba.

Zanen da muka ba su bai bar wurin gardama ba. Ƙarfen C45 ne, mazaunin boris kuma 40 k6, wato kaurinsa ya tsaya tsakanin milimita 40.002 da 40.018, taurin fatar ƙarfen kuwa 55 zuwa 60 a ma'aunin tauri na HRC. Na bar kayan suka kwana a ɗakin awo mai zafin digiri 20, domin ƙarfe na buɗewa da zafi, sannan na tantance maikuromita, wato na'urar auna kauri, kafin na zari guda 20. Bakwai sun gaza, mafi sirantarsu 39.985. A ido ba komai ba ne, amma irin wannan shaf boris ba ya kama shi. Zoben cikin boris ɗin zai riƙa zamewa yana cin ƙarfen, bayan 'yan watanni famfo ya fara kuka.

Taurin ne ya fi tayar min da hankali. A kan na'urar auna tauri ta Rockwell, wuri uku na gwada a kowane shaf, tara daga cikinsu suka tsaya tsakanin 42 da 48, alhali takardar shaidar da suka haɗo ta ce 57. Da muka yanka ɗaya, taurin bai shiga ciki yadda ya kamata ba, alamar wutar da aka gasa shi da ita don ya yi tauri ba ta ratsa ba ko an yi jinkirin sanyaya shi.

A wasiƙar ban zargi kowa ba. Bayan gaisuwa na rubuta: "Ranka ya daɗe, mun ƙi karɓar kayan nan gaba ɗaya, mun killace su." Na sa lambar oda da ta zane, abin da aka nema, abin da aka samu a kowane shaf, da na'urorin da na yi awo da su. Na nemi su kwashe kayan, su rubuto musabbabin matsalar cikin kwana bakwai, su kuma zo mu sake awo tare idan suna shakka.

Amsarsu ta zo da wuri, sai dai sun nemi su gyara kayan maimakon su sauya. Nan na ƙi. Da kauri ya yi yawa, sai a sake wasa shi, amma wanda ya sirance ba abin da za a rage. Sake gasa shi kuma yakan lanƙwasa shi, ga shi babu rarar ƙarfen da za a gyara da ita. Sun yarda za su kawo sababbi, ni kuma na shaida musu cewa a oda uku masu zuwa, kowane shaf ɗaya bayan ɗaya zan auna.