Hattara da mai sayar da motar da ke cewa "ga waya, duba da kanka"

Jama'a, duk mai shirin sayen motar hannu ya kula da wannan dabarar, domin tana kama har masu wayo. Mai motar ne da kansa zai zaro 'yar na'urar OBD2, wadda ke karanto lambobin matsala daga kwamfutar mota, ya soka ta a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya ce ka kunna Bluetooth ka haɗa da wayarka. Ka haɗa, ka buɗe manhaja, ta nuna maka babu lambar matsala ko ɗaya. Fitilar Check Engine ma a kashe take. Sai hankalinka ya kwanta, tunda da wayarka aka duba. Abin da bai faɗa maka ba shi ne, kafin ka iso ya riga ya goge lambobin da wannan na'urar.

Gogewar ba ta da wuya. Maɓalli guda ne a manhajar, wanda ke aika wa kwamfutar motar umarnin `04`. Nan take lambobin su ɓace, fitilar ta mutu, ciwon kuwa yana nan daram a jikin injin.

Mu ɗauki `P0420`, lambar da ke nuna matatar hayaƙin da ke cikin salansa ta gaji, kuma gyaranta na da tsada. Kwamfutar motar ba ta gwada matatar sai injin ya yi zafi sosai, an kuma yi tafiya miƙaƙƙiya da gudu daidai wa daida. Ko ta faɗi gwajin a tafiyar farko, fitila ba za ta kama ba, sai ta sake faɗuwa a tafiya ta gaba. Shi ya sa ɗan zagayen mintuna kaɗan da zai bari ka yi ba zai tona komai ba. Sai ka biya kuɗi, ka yi kwanaki kana hawa, sannan fitilar ta dawo.

Amma gogewar tana barin sawu. Umarnin `04` yakan share sakamakon gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta tare da lambobin. Saboda haka kada ka tsaya a shafin lambobi. Nemi shafin da aka rubuta `Readiness` ko `I/M Monitors`. Motar da ake hawa kullum, yawancin gwaje-gwajenta za su nuna `Complete` ko `Ready`. Idan ka tarar da `Catalyst` da `O2 Sensor` da `EVAP` duk suna `Incomplete`, to ba a daɗe da share ƙwaƙwalwar ba. Kada ka rikita shi da `Not supported`, wannan yana nufin motar ba ta da wannan gwajin tun asali.

Akwai shaidar da ta fi wannan ƙarfi. Motoci da yawa suna ƙirga nisan da aka yi tun daga gogewar ƙarshe. Manhajoji kan nuna shi da suna `Distance since codes cleared`. Idan taka tana da wurin rubuta umarni, ga tambayar da irin amsar da za ta iya fitowa:

```
0131
41 31 00 0C
```

`0C` ɗin nan 12 ne a lissafin kwamfuta, wato kilomita 12 kacal. Mutumin da ya rantse maka cewa da ita yake zuwa aiki kullum, sai ya yi bayanin wannan.

Gaskiya cire batir ma kan mayar da ƙirgen baya, kuma mai gaskiya na iya canza batir jiya. To sai ka nemi `Permanent codes`, waɗanda ake kira da umarnin `0A`. Su ba sa goguwa da na'ura ko da cire batir, motar ce kaɗai ke share su bayan ta tabbatar an yi gyara. Sai dai tsofaffin motoci, musamman na kafin 2010, galibi ba su da su.

Na'urar ma, ka je da taka, ka gwada ta a wata motar tukuna. Jabun ELM327, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikin irin wannan na'urar, sun cika kasuwa, wasu ba sa iya magana da wasu motocin. Kafin ka yarda da shafin da ba komai a kansa, tabbatar lambar juyawar injin tana hawa a wayar idan an taka totur. Haka kuma ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba: dole fitilar Check Engine ta kama. In ba ta kama ba, ko ƙwan ya mutu ko an cire shi.

Idan gwaje-gwajen ba su kammala ba, kada ka ba da ko kafin alkalami. Ka ce a yi ta hawan motar har su koma `Complete`, sannan ka dawo da bakanikenka a sake dubawa.