Kafin ka biya kuɗin manhajar da ke karanta PDF da murya, duba ko ta iya yanke gefen shafi

Ƙanwata tana karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, nan Maradi. An ba su darasi na Faransanci mai shafi 120 a PDF, ta so waya ta riƙa karanta mata tana aikin gida. Kwana biyu ta dawo tana cewa: "Yaya, muryar nan sai ta kai tsakiyar magana ta katse, ta faɗi sunan darasi da shekara da lamba, sannan ta ci gaba." Tana ganin laifin murya ne, har tana shirin biyan kuɗin wata muryar mai daɗi.

Ba muryar ba ce. PDF yana ajiye haruffa ne da wurin da kowane yake zaune a shafi, kuma sau da yawa babu alamar da ta bambanta jikin rubutu da layin da ke maimaituwa a sama ko a ƙasa. Idan jimla ta tsallaka daga shafi 14 zuwa 15, sai injin ya zuba lambar shafi da taken sama a cikinta. Shi ya sa tambayar farko ga mai zaɓe ita ce: manhajar tana cire waɗannan layuka, kuma ta wace hanya?

Tun farko ka danna wata kalma a takardar ka riƙe. In ta zaɓu, akwai rubutu. In ba ta zaɓu ba, hoto ne aka ɗauka, sai an bi ta OCR tukuna, wato fasahar da ke mai da hoton rubutu ya zama rubutu.

Ga mai kwamfuta, Microsoft Edge yana karantawa kyauta da Ctrl+Shift+U, muryoyinsa masu daɗi kuwa sai da intanet. Bai ba ka wurin shata iyakar shafi ba, don haka ya fi dacewa da wasiƙa ko takarda mai shafi uku.

Speechify da NaturalReader suna da zaɓin tsallake taken sama da na ƙasa da kansu. Akwai sauƙi, amma kintata suke yi, kuma cikakken aikinsu na kuɗin wata ne ko na shekara, da katin banki. Ni ba zan shawarci ɗalibi ya cire jikkunansa ba sai ya gwada su da takardar da zai saurara, ba wadda suka ba da misali ba.

Wadda na sa wa ƙanwata ita ce @Voice Aloud Reader ta Android. Akwai ta kyauta mai talla. Lokacin buɗe PDF tana barin ka yanke gefen shafi da hannunka kafin ta ciro rubutun, duk abin da ya faɗa wajen iyakar ba za ta furta shi ba. Muryar da ke cikin wayar take amfani da ita, saboda haka in ka sauke muryar Faransanci sau ɗaya, ba ka ƙara ƙona kuɗin intanet. Wannan ya fi mini komai. Sai dai a lura, yawancin littattafai suna sa lambar shafi dama a wani shafin, hagu a na gaba, kuma shafin farkon babi ba shi da taken sama. In ka zurfafa yanka, za ka fille layin farko na rubutu ba ka sani ba.

Mai son aiki tsaf, kuma ba ya tsoron rubuta umarni, ya ɗauki pdftotext na Poppler, manhajar kwamfuta mai ciro rubutu daga PDF, shi ma kyauta. Shafin A4 faɗinsa 595 ne, tsayinsa 842, a ma'aunin ɗigo 72 kowane inci. Na darasin nan haka na yi:

```
pdftotext -x 0 -y 60 -W 595 -H 720 -nopgbrk darasi.pdf darasi.txt
```

Wato a bar ɗigo 60 na sama, kimanin santimita 2, a ɗauki 720, ragowar 62 na ƙasa su tafi da lambar shafi. Da na buɗe darasi.txt na nemi sunan darasin, sai na tarar yana nan a kowane shafi, domin taken layi biyu ne. Na mai da -y 80 da -H 700, ya ɓace. Sannan na gwada ƙarshen shafi 14 da farkon 15 da ainihin takardar, jimlar ta haɗu ba abin da ya faɗi.

Abin da yanka ba ya magancewa shi ne ƙarin bayanin ƙasan shafi, don tsayinsa yana canzawa: wani shafin layi ɗaya, wani layi takwas. A darasin ƙanwata shafuka kaɗan ne ke da shi, sai muka goge su da hannu a cikin darasi.txt, na tura mata shi waya, @Voice ta karanta.