Haɗa not ɗin mutum uku da Google Docs

Laccocin bayoloji kan yadda ƙwayar halitta ke fitar da makamashi daga gulukos sun wuce ni, sai 'yan ajinmu uku suka turo mini not ɗinsu. Da Google Docs na haɗa su wuri ɗaya. Wajen tsara rubutu ya yi mini daidai, amma gano wanda ya ji malam da kyau, wannan aikin mai karatu ne.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne fara jera kanun darussa yadda suke a manhajar kwas ɗin, kowanne da Heading 2, kafin in kwafo komai. Daga nan sai in zuba abin da kowa ya rubuta a ƙarƙashin kan da ya dace. Da Ctrl+Shift+V nake liƙawa, don rubutun ya shigo ba tare da salon haruffan mai shi ba, sannan na ba kowane mutum launinsa. Launin nan kada a raina shi, domin da an ga saɓani an san wanda za a tambaya.

Saɓani kuwa an samu. A matakin farko na farfasa gulukos, wajen ƙidayar ATP, wato sinadarin da ke ɗauke da makamashi a ƙwayar halitta, ɗaya ta rubuta 4, ɗaya ya rubuta 2. Na sa alama a wurin, na bar tambaya a gefe da Ctrl+Alt+M, kowa ya amsa a nan. Ashe duk sun yi daidai: ana samar da 4, amma an riga an kashe 2 tun farko, ribar 2 ce. Da na zaɓi ɗaya na goge ɗaya, da rabin bayanin ya tafi. Haka jimillar ATP ta ƙarshe, wani 38, wata 30 zuwa 32. Na farkon lissafin tsofaffin littattafai ne, na biyun na sababbi. Na bar su duka, na tambayi malam wanda yake so a jarrabawa.

Compare documents da ke ƙarƙashin Tools bai dace da wannan aikin ba. An yi shi ne don kwafi biyu na rubutu ɗaya, shi ya sa idan ka ba shi not ɗin mutum biyu da kowa ya rubuta da bakinsa, kusan kowane layi zai nuna maka a matsayin canji.

Daidaita suna da Ctrl+H abu ne mai sauƙi. Wani ya rubuta TCA, wata zagayen Krebs, alhali abu ɗaya ne, sai na mayar da su suna guda. A dai riƙa duba kowane wuri kafin a danna Replace all, musamman ga gajerun kalmomi, don yana canza su har a cikin wata kalmar. Wanda not ɗinsa hoton rubutun hannu ne, ya fi kyau ka zauna ka buga shi da kanka, kuma zane-zanen gara a saka hotonsu yadda suke.