Kwalba ɗaya, haske iri uku: sharhina kan manhajar haɗa hoto daga rubutu

Manhajar irin wadda ake rubuta mata bayani ta fito da hoto ce, kuma da kwalbar turare na gwada ta, domin gilashi ba ya rufa wa mai haske asiri. Duk fitilar da aka kunna masa sai siffarta ta bayyana a jikinsa. Na tsayar da lambar `seed`, wato lambar da manhajar ke fara gina hoto daga kanta, wuri guda don kada kwalbar ta riƙa sauya kama, na bar bayanin yadda yake, ƙarshensa kawai nake canzawa:

```
amber glass perfume bottle, white paper label, dark grey background, large softbox from left
```

Da `softbox` manhajar ta fi burge ni. A ɗakin ɗaukar hoto, wannan akwati ne mai farin ƙyalle a gaba da ake rufa wa fitila, sai hasken ya fito daga faffaɗan wuri. Gwargwadon girman wurin da haske ke fitowa idan aka gwada shi da abin da ake ɗauka, gwargwadon taushin inuwa. Abin da hoton ya nuna ke nan: wani dogon farin ƙyalli mai kusurwa huɗu ya sauko ta gefen hagu, ya lanƙwasa a kafaɗar kwalbar, ya yanke daidai inda takardar da aka manna wa kwalbar ta fara, tunda takarda ba ta sheƙi. Inuwar ta kwanta a dama, bakinta ya narke a hankali. Da na mayar da shi `strip softbox`, ƙyallin ya tsuke ya zama siririn layi, kwalbar ta ƙara tsawo a ido. Aibinsa ɗaya: wani lokaci manhajar takan zana akwatin fitilar da kansa a cikin hoton, har da ƙafafunsa. Idan aka rubuta `soft diffused light from left` a madadinsa akwatin yakan ɓace, sai dai ƙyallin ma yakan rasa kusurwoyinsa.

`hard light` akasin wannan ne, ƙaramar fitila tsirara ko rana tsaka. Ƙyallin ya dunƙule ya zama ɗigo mai zafi a kafaɗa, inuwa ta fito da kaifi kamar an yanke ta da reza. Abin da na fi so a nan shi ne tsakiyar inuwar: hasken da ya ratsa turaren ya taru ya zuba launin zuma a kan tebur. Manhajar ba ta kawo wannan kullum, sai na ƙara `caustics` ta tuna da shi. Hoton yana da kwarjini, amma farar takardar takan ƙone ta yi fari fat a ɓangaren da ke fuskantar fitila.

Inda muka fi samun saɓani da ita shi ne `rim light`. Asalinsa fitila ce daga baya ko daga gefen baya, wadda ke lasar bakin kwalba kawai ta raba ta da bango mai duhu. Idan ita kaɗai aka kunna, dole gaban kwalbar ya yi duhu, takardar ma da ƙyar za a gan ta. Manhajar kuwa sau da yawa takan zagaye kwalbar duka da layin haske mai kauri ɗaya, har gindinta da ke zaune a kan tebur inda haske ba shi da hanyar shiga, sannan ta bar takardar tana haske ba tare da wata fitila a gaba ba. Ya ɗan gyaru da na faɗi inda fitilar take da yawanta, wato `thin rim light from back right, soft fill from front`. A kan farin bango kuma kalmar ɓata wuri ce kawai, domin farin baki ba ya fita a kan fari. Gilashi a can duhun gefe yake bukata.

Kafin ka amince da hoto, duba abu biyu. Idan ƙyalli yana hagu, inuwa ta faɗi dama. In duka suna ɓangare ɗaya, manhajar ta yi ƙarya. Sannan siffar ƙyallin ta dace da bakin inuwar: faffaɗan ƙyalli da inuwa mai kaifi ba su fito daga fitila ɗaya ba. Wannan rikicin ya fi faruwa idan aka cusa kalmomin uku a layi guda ba a ce wace ce babbar fitila ba.

Don gwada salon haske kafin a kafa fitilun gaske, ko don nuna wa mai kaya abin da ake nufi, zan ci gaba da amfani da ita. Hoton da za a sayar da kaya da shi kuwa ban yarda ba tukuna, saboda ko `seed` bai motsa ba, sauya kalmar haske takan taɓa siffar murfi, rubutun takarda kuma yakan fito a hargitse.