Wane makirufon awo ya dace da ƙaramin situdiyo a Maradi, kuma me zai nuna maka game da bas?

Yawancin ƙananan situdiyo da ke unguwannin Maradi ɗakuna ne na bulon siminti, da daɓen siminti ko tayil, da ƙofar ƙarfe, kuma irin wannan gini ba ya barin sautin bas ya fita kamar yadda bangon katako ko na allon filasta yake yi. Sautin yana komawa da baya tsakanin bango da bango, sai ya taru a wani wuri ya yi kauri, ya ɓace a wani wurin. Shi ya sa mai haɗa waƙa yake jin bas ɗinsa daidai a kujerarsa, amma da an sa waƙar a mota ko a wurin biki sai a ji ta yi gunji, ko kuma ta zama fayau. Kunne kaɗai ba ya iya faɗin inda matsalar take, sai an auna ɗakin, kuma awon yana buƙatar makirufo na musamman da manhajar da za ta zana abin da makirufon ya ji.

Zancen manhaja gajere ne. Room EQ Wizard, wadda aka fi sani da REW, kyauta ce, John Mulcahy ne ya ƙirƙiro ta, kuma tana aiki a Windows da macOS da Linux. Akwai SoundID Reference ta kamfanin Sonarworks, wadda ake saya da kuɗi, tana auna ɗaki kuma ta gyara sautin da ke fita daga kwamfuta da kanta. Tana da sauƙin aiki, sai dai manufarta gyaran sautin ne, alhali mai neman sanin inda zai sa lasifika da kujera da abin tsotse sauti yana buƙatar ganin zanen da kansa. Don wannan aikin ina ganin REW ta ishi kowa, kuma kuɗin da aka rage a nan ya fi amfani a wurin kayan gyaran ɗaki.

Wurin da zaɓi yake da nauyi shi ne makirufo. Makirufon da ake rera waƙa da shi bai dace ba, domin an ƙera shi ya ji abin da ke gabansa ya ƙi na baya, kuma yana ƙara wa sauti nasa launi. Na awo siriri ne, yana jin sauti daga kowane ɓangare, kuma iri biyu ne a kasuwa.

Iri na farko shi ne mai shiga kwamfuta kai tsaye ta USB, kamar UMIK-1 na kamfanin miniDSP ko UMM-6 na Dayton Audio. Kowane ɗaya yana da lambarsa, kuma da wannan lambar ake sauke fayil ɗin daidaitawa daga shafin kamfanin, wato fayil ɗin da ke gaya wa manhaja inda shi wannan makirufon yake ƙarawa ko ragewa. REW tana gane UMIK-1 da zarar an jona shi, ta nemi fayil ɗin, kuma daga nan tana iya faɗin ainihin ƙarfin sautin ɗakin da dB ba tare da wata na'ura ba. Wanda bai saba da harkar ba zai kauce wa kurakurai da yawa da wannan iri, domin babu maɓallin ƙarin murya da zai juya ya ɓata awon jiya da na yau.

Iri na biyu shi ne mai wayar XLR, kamar ECM8000 na Behringer ko EMM-6 na Dayton Audio. Waɗannan sun fi araha, amma ba sa aiki sai da katin sauti mai ba da wutar 48V, kuma a nan ne lissafin yake sauyawa: wanda yake da situdiyo galibi yana da katin tuni, don haka arahar ta gaskiya ce a wurinsa, wanda kuwa ba shi da kati zai iya kashe fiye da kuɗin na USB kafin ya fara. EMM-6 yana zuwa da fayil ɗin daidaitawa na kansa, ECM8000 kuwa ba ya zuwa da shi. Mutane suna ɗaukar wannan a matsayin babban aibi, ni kuwa ina ganin an kambama shi idan bas ake nema, domin karkatar irin wannan makirufo tsakanin 40 Hz da 200 Hz kaɗan ce idan an gwada ta da tudu da ramin da ƙaramin ɗaki yake yi a zanen awo, wato inda sauti ya yi yawa da inda ya ɓace, waɗanda sukan kai 15 dB ko 20 dB. Ramin da ke 58 Hz zai bayyana a 58 Hz ko da fayil ko babu. Abin da aka rasa shi ne tabbaci a can ƙasa sosai da kuma can sama, sannan lambar ƙarfin sauti da REW za ta nuna ba ta gaskiya ba ce sai an daidaita ta da ma'aunin ƙarar sauti.

Wayar hannu ita ce jarabar da ta fi kusa, tunda kowa yana da ita. Makirufon cikinta an yi shi ne don magana, yawanci yana yanke sautin ƙasa kuma yana rage murya ko ƙara ta da kansa, wato yana ɓoye ainihin abin da ake nema. Akwai ƙaramin makirufon awo na waya, iMM-6 na Dayton Audio, wanda ya fi na cikin wayar nesa ba kusa ba, amma REW ba ta aiki a waya, kuma ba zan ba mai shirin kashe kuɗi a gyaran ɗaki shawarar ya dogara da shi ba.

Kafin a sayi komai, ya kamata a ɗauki tef a auna ɗakin, domin lissafi yana faɗin rabin labarin. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya idan zafi yana digiri 20, a zafin Maradi na watan Afrilu kuwa, a rufaffen ɗakin da aka kashe fanka, yana kaiwa kusan 350. Sautin da zai fara maƙalewa tsakanin bango biyu masu fuskantar juna ana samun sa haka, inda L yake nufin tazarar da ke tsakaninsu da mita, f kuma yawan kaɗawar sautin da Hz:

```
f = 350 / (2 × L)
```

Mu ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, da tsayin mita 3 daga daɓe zuwa silin. Tsawon yana ba da kusan 44 Hz, sai ninkinsa 88 Hz. Faɗin yana ba da 58 Hz da 117 Hz, kuma tsayin yana ba da waɗannan lambobi biyun daidai, tunda shi ma mita 3 ne. Wannan haɗuwar ita ce ciwon ɗakin. Mai aiki yana zaune ne a tsakiyar faɗin ɗaki domin lasifika biyu su yi masa daidai, kunnensa kuma yana wajen mita 1.2 daga ƙasa, kusa da rabin tsayin ɗakin. Sautin farko na kowace tazara yana mutuwa a tsakiya ya yi ƙarfi a jikin bango, na biyu kuwa yana da ƙarfi a tsakiyar ma. Saboda haka abin da za a sa ran gani a kujerar shi ne rauni a wajen 58 Hz da tudu a wajen 117 Hz. Mai haɗa waƙa a wannan ɗaki zai riƙa ƙara bas na ƙasa don ba ya jin sa, ya riƙa rage na sama don ya dame shi, kuma waƙar za ta fita da akasin abin da ya nufa.

Awon kansa ba ya ɗaukar lokaci. Ana kafa makirufo a kan sanda daidai inda kan mutum yake idan ya zauna, a kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki da firiji, domin wutar gari tana kaɗawa a 50 Hz kuma gurnanin injin yana iya shiga zanen kusa da lambobin da ake dubawa. Idan janareta ne yake aiki a tsakar gida, gara a jira, haka ma idan kabu-kabu suna ta wucewa a bakin ƙofa. A cikin REW ana danna `Measure`, a sa sautin gwaji ya hau daga 20 Hz zuwa 300 Hz da ƙarfin wajen 75 dB, a auna lasifikar hagu ita kaɗai, sannan ta dama, sannan duka biyu. UMIK-1 yana da fayil biyu, na 0° idan makirufon yana kallon lasifika da na 90° idan yana kallon silin, sai a zaɓi wanda ya dace da yadda aka kafa shi. Ya kamata a tuna cewa lasifika mai inci 5 da ƙyar take kaiwa 44 Hz, don haka faɗuwar zanen a can ƙasa tana iya zama ta lasifikar ce, ba ta ɗaki ba. Idan kuma an ji ƙofar ƙarfe ko taga ko kwanon rufi yana kakkarwa yayin da sautin yake hawa, wannan aikin ƙusa ne da roba, a gyara shi kafin a ci gaba.

Zanen `SPL & Phase` yana nuna tudu da rami, amma `Waterfall` ne yake bambance su, domin yana nuna sautin da ya ci gaba da ringi bayan lasifika ta yi shiru. Tudun da yake da doguwar jela a nan na ɗakin ne. Ramin da ba shi da alaƙa da lissafin ɗaki kuwa sau da yawa daga bangon da ke bayan lasifika yake: idan gaban lasifikar yana mita 1 daga bango, sautin da ya dawo yana kashe na gaba a wajen 88 Hz. Gwajinsa shi ne a matsar da lasifika kusa da bango a sake awo. Idan ramin ya koma sama, an gano mai laifi. Don sanin inda bas ya taru, sai a buɗe `Generator`, a sa sauti guda a 58 Hz, a zagaya ɗakin da makirufo ko da kunne, kuma za a same shi a jikin bango da kusurwoyi, musamman inda bango biyu suka haɗu da silin ko daɓe.

Gyara yana farawa da abin da ba ya cin kuɗi. A matsar da kujera daga tsakiyar tsawon ɗakin zuwa wajen mita 1.5 daga bangon gaba, a sake awo bayan kowace matsawa ta santimita 20, a jera zanukan a `All SPL` a kwatanta. Bayan haka ne ake sayen abin tsotse sauti, kuma nan ne awon yake ceton aljihu. Soso mai kaurin santimita 5 da kwalin ƙwai ba sa taɓa bas, domin igiyar 58 Hz ta kai tsawon mita 6. Tudun 117 Hz yana raguwa idan an sa audugar dutse ko ta gilashi mai kaurin santimita 20 zuwa 30 a kusurwoyi da kuma silin saman kujera, a lulluɓe ta da yadi mai barin iska ta ratsa don kada ƙurarta ta shiga huhu. Na 58 Hz da 44 Hz sun fi taurin kai, kuma a ɗaki mai mita 3 ba za a kawar da su gaba ɗaya ba. Tudun da ya saura ana iya rage shi da sashen `EQ` na REW tare da manhaja irin Equalizer APO a Windows, amma rami ba ya cika da ƙarin wuta, domin sautin da ke kashe shi ma ƙaruwa yake yi, sai dai a wahalar da lasifika.

Wanda yake da katin sauti mai 48V ya sayi EMM-6, ko ECM8000 idan shi ne ya samu. Wanda ba shi da kati ya sayi UMIK-1. Tunda kayan ba su cika samuwa a shagunan gari ba, yawanci sai an yi saƙo daga Kano ko Yamai ko an yi oda daga waje, ya kamata a haɗa kuɗin aike da na duwan a lissafi, kuma makirufo ɗaya yana iya zagaya situdiyo uku ko huɗu idan masu su sun haɗa kuɗi, domin ba kullum ake awo ba. Idan na hannu ne za a saya, a duba lambar da ke jikinsa, a tabbatar tana sauke fayil a shafin kamfanin kafin a biya, a kuma tambaya ko abin riƙe shi a kan sanda yana nan, domin makirufon da aka riƙe da hannu ko aka ɗora a kan kujera ba zai ba da awo biyu masu kama da juna ba.